Nuna Min Inda Ke Ciwo

Zuwa ga Maigida, Baban Gimbiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, kai da Inna da 'yata Gimbiya. Yaya ƙafar Inna? Ka ce mata ta daina ɓoye maganin a ƙarƙashin filo, na san halinta. Ni ma lafiya lau, sai gajiyar ɗakin haihuwa da karatun ungozoma da ya sa ni gaba. Direban motar magani zai bi ta garinmu, shi ya sa na ba shi wannan. Ka san a nan sai mutum ya je gindin tankin ruwa yake samun sabis, kuma ko na je, gaisuwa kawai muke yi, sai ka ce mini kana da baƙo a shago.

Baban Gimbiya, na gaji. Wallahi na gaji. Ka canja mini, ko kuma dama can haka kake, ni ce ban lura ba sai da na yi nisa. Ba ka damu da ni ba. Ba ka taɓa faɗa mini magana mai daɗi ba. Kullum kamar da maƙwabciya kake magana. Matar da muke ɗaki ɗaya da ita, in mijinta ya kira, fita take yi da wayar tana rufe baki da gyale don dariya. Ni in ka kira ni a gaban kowa nake amsawa, don babu abin da za ka faɗa wanda mai shara ba zai iya ji ba. Wani lokaci nakan zauna in tambayi kaina ko kana sona ma kuwa, ko dai sabo ne ya riƙe mu.

Ga dalilin da ya sa maganar ta taso yanzu. Babbar Sista, shugabarmu a nan, ta kira ni ofis. Ta ce asibitin na son riƙe ni in na gama karatu, su ba ni ɗaki da ƙarin matsayi, amma sai na sa hannu a yarjejeniyar shekaru, wadda ba a fasa ta a tsakiya. Tana son amsa zuwa lokacin jarrabawar ƙarshe. Da ina da tabbacin abin da zan koma in tarar, da ban bari ta gama maganar ba. Amma sai na ce zan yi shawara.

Ka gaida Inna, ka shafa mini kan Gimbiya.

Matarka.

Zuwa ga Maman Gimbiya,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso. Muna nan lafiya. Ƙafar Inna da sauƙi, na yi mata ɗan benci da take ɗora ta. Gimbiya ta yi mura amma ta warke, haƙorinta na gaba ya faɗi, yanzu in tana magana har iska take fitarwa.

Na karanta takardarki a shago, na sake karantawa a gida, ban gane laifina ba. Kin ce ban damu da ke ba. To wa ya ce ki tafi karatun nan, lokacin da 'yan'uwana suka yi ta surutu cewa na saki mace ta tafi uwa duniya? Wa ke yi wa Gimbiya wanka yana kai ta makaranta kafin ya buɗe shago? Kantar kicin ɗin da kika yi ta ƙorafi a kai na sauke miki ita daidai tsayinki. Ƙofar banɗaki ta daina ƙara. Ko wani ne ya kai miki gulma? In haka ne ki faɗa mini ko wane ne. In kuma wani abu kike buƙata a can, ki faɗa in aiko.

Kin ce ban taɓa faɗa miki magana mai daɗi ba. Kalmar "ban taɓa" ɗin nan ta tsaya mini a rai, na kasa cin abinci ran nan. Shekarun nan duka a ce babu ko ɗaya? Kin ce na canja, kin kuma ce dama haka nake. Wanne zan gyara a ciki? Mijin abokiyar ɗakinki kuwa ban san shi ba, ban san me yake faɗa ba, kuma ban ji daɗin a auna ni da shi ba.

Ni kafinta ne, Maman Gimbiya. In mutum ya zo ya ce kujerarsa ba daɗin zama, sai in ce ya nuna mini, ƙafa ce ke rawa ko ƙusa ce ta fito. In ya ce ai duk kujerar ce, to ba gyara yake so ba, so yake ya yar da ita. Abin da na ji a takardarki ke nan, kuma ya tsorata ni.

Maganar aikin can, sai mun yi shawara.

Mijinki.

Zuwa ga Baban Gimbiya,

Sallama da gaisuwa. Na ji daɗin labarin Inna. Haƙorin Gimbiya kuwa, kaico, a ce ya faɗi ba na nan. Ka hana ta tura harshe a gurbin. Ni ina nan lafiya, sai ɗan ciwon baya na tsayuwa.

Da na karanta takardarka haushi ya kama ni, na ce ji mutumin nan, ina maganar zuciya yana mini maganar ƙofar banɗaki. Har na fara rubuta maka amsa mai zafi. Washegari aka kawo mana wata tsohuwa. Na tambaye ta me ke damunta, ta ce jikinta ne duka. Tun yaushe? Ta ce tun da can. Na yi juyin duniya, amsar ke nan. Sai na kama hannunta na ce, "Baba, ki nuna min inda ke ciwo da yatsa ɗaya." Ta ɗora yatsa a ƙasan haƙarƙarinta, nan take likita ya san inda zai duba. Na fito ina wanke hannu, kunya ta rufe ni, don takardar da na aiko maka irin amsar tsohuwar nan ce sak.

Na janye "ba ka taɓa". Ba gaskiya ba ce, kuma ba ta bar maka komai ba sai kare kai. Babu wanda ya kawo mini gulma, ba na buƙatar komai na saye, ba kuma yar da kujerar nake so in yi ba. Na ga kantar, na ga wankan Gimbiya, na san duk so ne. Amma ni kunnena ma yana da yunwa. Bari in nuna maka da yatsa.

Ka tuna ranar da zan taho, a tasha? Na zauna gefen taga, ka tsaya riƙe da hannun Gimbiya. Mota ta fara motsi, ka matso, na sauke gilashi ina jira. Sai ka ce in kula da jakar hannuna, akwai ɓarayi a hanya. Na yi kuka har muka fita gari, matar da ke kusa da ni ta ɗauka rasuwa aka yi mini. Abin da na so in ji a wurin shi ne, "Zan yi kewarki." Ko a hankali ne, yadda ni kaɗai zan ji.

Sai ranar da sakamakon jarrabawar shiga ya fito. Na nuna maka takardar, ka duba, ka ce madalla, ka tambayi ko akwai ruwan zafi. Daga baya mai shagon kusa da naka ya tare ni a hanya, ya ce ai mijinki ya hana mu sakat, kowa ya zo sai ya ce masa matarsa ce ta zo ta ɗaya. Na ji daɗi, na kuma ji ciwo, don a bakin wani na tsinci abin da yake nawa. Da ka dube ni ka ce, "Ina alfahari da ke," da ya ishe ni guzurin shekara.

Akwai kuma ƙanana na kullum. In na yi girki ka cinye ka ƙara, na san ya yi maka, amma ina so wata rana in ji ka ce, "Girkin nan ya yi daɗi." Kuma da can, kafin a haifi Gimbiya, 'Yar Rigima kake ce mini. Ban san ranar da sunan ya mutu ba. Ina kewarsa.

Ba waƙa nake so ka yi mini ba, ba kuma kullum ba. Na san a gidanku ba a saba ba, ban taɓa jin Inna ta yabi kowa a gabansa ba. In ya yi maka nauyi ka faɗa mini, ba zan yi fushi ba. Kai ma in akwai abin da kake son ji daga bakina, ka nuna mini haka.

Za a ba mu ɗan hutu ƙarshen wata, ina nan tafe in sha Allah.

Matarka.

Maman Gimbiya,

Sallama. Muna lafiya ƙalau. Gimbiya ta ji za ki zo, ta hana kowa zama a kujerarki.

Wannan takardar na gane ta. Da haka kika rubuto tun farko da ban kwana da ciwon kai ba. Maganar tasha ban san ta yi miki ciwo ba, wallahi. Da na matso tagar nan ina da abin faɗa, maganar jaka ce kawai ta samu hanyar fita. Kin ba ni awo yanzu, kuma ni ban taɓa ɓata aikin da aka ba ni awonsa ba. Ki bar mini sauran.

Allah ya kawo ki lafiya.

Mijinki.

Zuwa ga Baban Gimbiya,

Assalamu alaikum. Na iso lafiya, sai ƙurar hanya da ciwon wuya. Ina fatan Gimbiya ta daina kuka, Inna kuma tana shan maganin da na bari. Na fara aiki tun jiya.

Abin da na kasa faɗa maka a gida shi zan rubuta, don kwanakin nan da na yi, kai da bango ba ku da maraba.

Na san ka yi shiri. Na shigo da jaka, ban ko cire takalmi ba, ka tsaya a tsakar ɗaki ka sa hannu a baya kamar ɗalibi gaban malami. Idonka na kan agogon bango, ka ce, "Zan yi kewarki. Ina alfahari da ke. Girkin nan ya yi daɗi, 'Yar Rigima." A jere, yadda na rubuta su, ko numfashi ba ka ja a tsakani ba. Baban Gimbiya, yanzu na shigo kana ce mini za ka yi kewata, tukunya kuma ko wuta ban kunna mata ba. Dariya ta ƙwace mini. Na yi ta yi har na zauna a kan jaka, Gimbiya ta kama ba ta san dalili ba, Inna ta leƙo tana tambayar lafiya. Sannan na ce maka wannan ai hadda ce ka kawo mini.

Na ga fuskarka lokacin. Ka ce to, ka ɗauki jakata ka kai ɗaki, ka fita shago. Tun daga nan ban sake jin komai daga bakinka ba sai sannu da ina kwana.

Ka yi haƙuri da dariyar. Sai a mota na tuna yadda gumi ya jiƙa maka wuyan riga, da yadda muryarka ke rawa. Mutumin da bai taɓa furta irin wannan ba ya buɗe baki karon farko, abin da ya dace in yi shi ne in karɓa, in ce na gode, gyara ya biyo baya wata rana. A ɗakin haihuwa in sabuwar ɗaliba ta riƙe jariri a karkace ba ma yi mata dariya, hannunta muke gyarawa. Na san wannan sarai, amma a kanka na manta.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, bayan dariyar kuka na yi a banɗaki. Kalmomina ne suka dawo mini, ba naka ba. Misalan da na ba ka ba samfur ba ne da za ka yanka irinsa daidai. Na so ne ka gane irin wuraren da nake jiran magana: lokacin rabuwa, lokacin da na yi abin kirki, lokacin da ka ji daɗin wani abu nawa. In lokacin ya zo, abin da ke ranka za ka faɗa, da kalmarka, ko da a karkace take. Laifina ne da ban bayyana haka ba, na san da wanda nake magana.

Na yi girki kwanakin nan, kullum ina satar kallonka. Ka ci, ka ƙara, ka tashi. A tasha kuma ko maganar jaka ban samu ba.

Babbar Sista ta sake tambayata. Jarrabawa ta matso. Me ka gani?

Matarka.

Baban Gimbiya,

Sallama. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Direba ya je ya dawo sau biyu, ya ce ya ba ka takardata hannu da hannu, ka sa a aljihu ka ci gaba da aiki. Na je gindin tanki na kira ka, ka ce kowa lafiya, ka miƙa wa Gimbiya wayar. Ni ba lafiya sosai ba, abinci ba ya shiga.

In fushi kake yi ka zage ni, ya fi mini wannan. Babbar Sista ta ce mako mai zuwa za ta aika da sunaye. Ka ce wani abu.

Matarka.

Maman Gimbiya,

Wa alaikumus salam. Lafiya muke. Inna na gaishe ki. Ki daure ki riƙa cin abinci.

Ba fushi nake yi ba. Na zauna zan rubuto miki ban san sau nawa ba, duk abin da na rubuta sai in ji kamar za ki ce hadda ce.

Maganar aiki, kin sha wahala a karatun nan, kuma na ga yadda fuskarki ke haske in kina ba Inna labarin ɗakin haihuwa. In zaman can ya fi miki, ba zan tsare ki ba. Gimbiya ba za ta rasa komai ba, mun saba.

Mijinki.

Zuwa ga Baban Gimbiya,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da Gimbiya. Na gama jarrabawa, an ce na yi ƙoƙari. Jikina da sauƙi.

Na sa hannu. Jiya da safe, a ofishin Babbar Sista. Ta yi murna, ta ce in je in zaɓi ɗaki a sabon gini.

Takardarka na riƙe a aljihun rigar aiki har ta yi laushi. Na karanta ta a tsaye, na karanta a zaune, ina neman inda ka ɓoye wani abu, ban samu ba. "Ba zan tsare ki ba." "Mun saba." To, tunda kun saba, me zan dawo in yi? In zauna a gidan da rashina bai bar gurbi ba, ina jiran maganar da sai na rubuta da hannuna kafin in ji ta?

Akwai magana ɗaya da ban saka a cikin misalan nan ba, da gangan. Sau uku ina kawo maka zancen aikin nan, kowane karo ita nake jira. Na ce a raina wannan kam ba zan koya masa ba, in har tana cikinsa za ta fito da kanta, in kuma na roƙa aka ba ni ba ta da amfani. So nake ka ce, "Kada ki zauna, ki dawo gida." Da ka faɗa, ko a waya, ko a tsakiyar maganar katako, da na tattara kayana ran nan.

Ba rabuwa nake nema ba. Zan riƙa zuwa hutu. In Gimbiya ta ƙara girma sai mu ga ko za ta zo nan makaranta. Ka aiko mini da bargona mai ruwan toka da ƙaramar tukunyar nan ta hannun direba.

Ban taɓa jin na gaji irin na yau ba.

Matarka.

Zuwa ga 'Yar Rigima,

Sallama. Muna nan. Da na faɗa wa Inna kin sa hannu, sai ta juya fuska bango. Gimbiya ban faɗa mata ba tukuna. Ga bargo da tukunya, na naɗe murfin a cikin bargon don kada ya lotse.

Na rufe shago yau. Ina ciki ni kaɗai nake rubuta wannan, kuma ba zan sake karanta ta ba, don in na karanta yaga ta zan yi kamar sauran.

Ba mu saba ba. Ƙarya na yi miki don kada ki tafi da nauyinmu a ka. Na ɗauka in na ce ki dawo, na zama irin mazan da ke yanke wa mace hanya, ni da na tsaya gaban 'yan'uwana na ce sai kin yi karatu. Na ɗauka babbar kyautar da zan iya ba ki ita ce in sakar miki hanya. Maganar "ba zan tsare ki ba" ta fi kowace magana da na taɓa rubutawa wuya, ashe ke ƙofa kika ji an rufe.

Kin ce in faɗi nawa ko a karkace. To ga shi.

Tun da kika tafi ban kwanta a gefenki na gado ba, kuma ban wanke rigar filonki ba sai da Inna ta yi mini faɗa. In na dawo daga shago nakan tsaya a bakin ƙofa kafin in shiga, don da can daga nan nake jin kina faɗa da tukwane, kina ƙunƙuni ke kaɗai. Wannan ƙunƙunin na fi so a duk abin da kunnena ke ji a duniya. Ban taɓa faɗa miki ba don na san za ki ce ina miki tsiya. Ranar da na fara ganinki, kin kawo kujerar babanki gyara, kika tsaya a kaina kina koya mini aikina. Na gama gyaran a ranar, amma na ce miki sai jibi, don ki sake dawowa. In kina barci kina dunƙule hannu kamar mai shirin dambe, Gimbiya ma haka take yi, shi ya sa wani lokaci ba na iya kallonta.

Haddar da kika yi wa dariya, a nan shagon na yi ta, ina goge katako ina maimaitawa, har mai shagon kusa ya leƙo ya tambaya da wa nake magana. Na san ban iya ba. Amma kowace kalma a ciki gaskiya ce, ko da ke kika ba ni ita. Girkin ma da ba ki yi ba tukuna, na san zai yi daɗi. Da kika yi dariya sai na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Kwanakin nan da kike satar kallona ina ci, maganar na bakina, tsoro ne ya hana ta fita.

Abu ɗaya zan yi miki ƙorafi a kai, kuma zan nuna shi da yatsa yadda kika koya mini. Kin nuna mini ƙananan wurare, kika ɓoye babban. Kin san ni, kin san ba na ganin abin da ba a nuna mini ba. Da kin rubuta mini maganar, da na faɗa, ko da za ki sake yin dariya har ki faɗi ƙasa. Kin ce abin da aka roƙa ba shi da amfani. Ni dai a wurina, don kin roƙa bai sa ya zama ƙarya ba.

Akwai teburin madubi da na fara yi miki tun kafin hutu, na rufe shi da buhu a bayan shago don ranar dawowarki. Ban buƙaci awo ba, na san kanki a haɓata yake tsayawa. Ban san ko in gama shi ko in bar shi ba.

Kada ki zauna. Ki dawo gida. Na san na makara.

Mijinki.

Baban Gimbiya,

Wa alaikumus salam. Kaya sun iso, murfin bai lotse ba. Ka gaida Inna. Gimbiya ka bar mini, ni zan faɗa mata da bakina.

Na karanta takardarka a ɗakin canja kaya, sai da wata ta karɓe ni aiki don idona ya kumbura. Daga nan ofishin Babbar Sista na wuce. Ta saurare ni har na gama, ta ba ni ruwa, sannan ta ce sunaye sun riga sun tafi, an kuma sallami wadda za a ɗauka a madadina. Ta ce shekarun ba su da yawa in mutum ya sa kansa a aiki. Na roƙe ta har na ji kunyar kaina. Babu hanya.

Gaskiyarka ne. Na koya maka nuna ciwo da yatsa, ni kuma na rufe nawa da tafin hannu ina jiran ka yi duba. Ban san lokacin da zan yafe wa kaina ba. Gimbiya za ta gama canja haƙoranta ba na nan.

Ka gama teburin. Kada ka aiko shi, ka sa shi a ɗakinmu gefen taga.

Yanzu ga roƙona, a fili, ba ɓoye-ɓoye. Ranar Asabar in na tashi aikin safe zan je gindin tanki in kira ka. Kada ka ce kana da baƙo, kada ka miƙa wa Gimbiya. Maganar ƙarshen nan ta takardarka nake so ka faɗa mini da bakinka, yadda ka rubuta ta. Na san ba za ta canja komai ba, Lahadi da safe ina ɗakin haihuwa. Ina so ne kawai in ji yadda take a muryarka. Ba zan yi dariya ba.

'Yar Rigima.